"Na Yi Shiru Ne Don a Zauna Lafiya": Abin da Gum da Baki Ke Yi wa Aure

Tun farkon shekarun 1980 wasu masana halayyar ɗan Adam biyu a Amurka, John Gottman da Robert Levenson, suka fara gayyatar ma'aurata ɗakin bincike. Sai a zaunar da miji da mata suna fuskantar juna, a ce su ɗauko wata matsala da ta daɗe tana haɗa su faɗa, su tattauna ta na minti 15. Kafin a fara an maƙala wa kowannensu na'urar auna bugun zuciya da ta auna gumin tafin hannu, har kujerar ma tana auna yawan mutsu-mutsun wanda ke kanta. Kyamara tana ɗaukar fuskokinsu. Bayan shekaru sai a sake neman mutanen nan, a ga wa ke tare har yanzu, wa ya rabu.

A cikin hotunan akwai wani irin mutum da ke yawan bayyana. Ana tsaka da magana sai ya ɗauke wuta. Wuyansa ya ƙage, fuskarsa ta daina motsi, ya kawar da kai ko ya zuba wa ƙasa ido, sai dai jifa-jifa ya saci kallon mai magana ya ga ko an gama. Duk wanda ya kalle shi zai ce ai wannan ko a jikinsa. Amma takardar da na'ura ke zanawa tana faɗin wani abu dabam: zuciyarsa na bugawa sama da sau 100 a minti ɗaya, alhali yana zaune ne a kujera, ko yatsa bai ɗaga ba. Gottman ya sa wannan gum ɗin cikin halaye huɗu da ya ga sun fi cin aure, tare da sukar halin mutum, da raini, da kare kai a kan komai. A ma'auratan da ya bincika, kusan kashi 85 cikin 100 na masu yin gum maza ne.

Kafin a yi nisa, ya kamata a gane wane shirun ake nufi. Mai sauraro na gaskiya ba shiru yake yi ba ko da bai buɗe baki ba. Yana gyaɗa kai, yana cewa "to", "eh", "haka ne", girarsa na ɗagawa, fuskarsa na canzawa da abin da ake faɗa. Waɗannan 'yan alamu su ne ke shaida wa mai magana cewa maganarsa tana isa. Mai gum su yake ɗaukewa gaba ɗaya. A wurinmu rashin haɗa ido kaɗai ba hujja ba ne, domin an tarbiyyantar da mutane da yawa, musamman mata, su sunkuyar da kai in babba na magana. Abin lura shi ne ɓacewar "na'am" da "to", da yadda jiki ke juyawa wani gefen, hannu ya lalubo waya ko rediyo.

Daren da aka yi gum

Bari mu bi misali daki-daki, na gidan da ba sai an faɗi sunansa ba, don kusan kowace unguwa akwai irinsa. Miji ma'aikaci ne, matar malamar firamare, 'ya'yansu uku. An koma makaranta, ba a gama biyan kuɗin zango ba. Da rana sai ta ji a bakin matar ƙaninsa cewa ya tura wa ƙanin naira dubu 80 ya ƙara jari. Ta haɗiye maganar tun azahar. Ƙarfe goma na dare ya shigo a gajiye, ya zauna bakin gado yana cire agogo.

"Abban Ummi, kai dai kullum 'yan'uwanka ne a gaba, mu ko oho."

Jimlar farko ke nan, kuma ta riga ta tsara yadda daren zai kasance. A wani bincike da Gottman da Sybil Carrère suka wallafa a 1999 sun nuna cewa minti uku na farkon irin wannan tattaunawa suna iya nuna ko auren zai ɗore. Ita abin da ke ranta kuɗin makaranta ne da zafin jin labarin gidanta a bakin wata. Shi abin da ya shiga kunnensa shi ne "kullum": wato duk faɗi-tashin da yake yi a banza. Ya ce, "Kuɗina ne ko naki?" Ta ɗaga murya ta kawo maganar bara, lokacin bikin ƙanwarsa. Ya fara bayani, ta katse shi.

A nan ne jikinsa ya karɓe ragama. Ƙwaƙwalwa ba ta tsaya tantance ko barazanar ta ɗan fashi ce ko ta matar da ke tsaye da ɗankwali a hannu. Da ta ji an kai hari sai ta saki sinadarin adirenalin. Zuciya ta ƙara gudu, numfashi ya dawo sama-sama, tafin hannu ya jiƙe, tsokar wuya da ta kafaɗa suka ɗaure. Gottman ya kira wannan yanayi ambaliya, kuma ya sa iyakarsa a wajen bugu 100 a minti ga yawancin mutane. Ga masu yawan motsa jiki, waɗanda zuciyarsu ke tafiya a hankali, tana iya farawa tun daga wajen 80. Mutumin da ya kai nan ba ya iya riƙe doguwar jimla ya auna ta. Ba ya jin ban haƙuri ko an ba shi, ba ya gane raha ko an yi. Abu biyu ne suka rage masa, ya kai duka da baki ko ya tsere. Mutumin namu ya san irin maganar da ke kan harshensa, ya kuma san akwai kalmar da in ta fita sai an nemo malami. Sai ya ja bakinsa ya ɗinke, ya ɗauki waya yana latsawa ba tare da yana ganin abin da ke kanta ba.

A ransa aikin kirki ya yi. Ya danne fushi, ya ƙi biye mata, ya ceci aurensa. In ka tambaye shi gobe a majalisa zai ce, "Na yi shiru ne don a zauna lafiya." Kuma ba ƙarya yake yi ba.

Ita kuma abin da ta gani dabam ne. Tana maganar karatun 'ya'yanta, mutum yana latsa waya. Wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa ya san da mutum a ciki amma ba a amsa ba, ba komawa yake yi ba, ƙara ƙarfin bugu yake yi. "Magana nake maka fa! Ka mayar da ni mahaukaciya ko?" Kowane ƙarin murya ƙarin bugun zuciya ne a wurinsa, kowane ƙarin shiru ƙarin tabbaci ne a wurinta cewa ba ta da daraja. Can ya miƙe, ya zura silifas, ya fita tsakar gida. Ta kwanta ta juya wa ƙofa baya, ba ta runtsa ba sai wajen asuba.

Da safe ya ajiye kuɗin cefane a kan talabijin ya fita. Da yamma kular abincinsa na nan yadda aka ajiye ta. Kwana na biyu aka fara aike: "Ummi, je ki ce wa mamanki ina hulata ruwan toka." Kwana na huɗu baƙi suka zo, aka yi hira da dariya a gabansu, bayan sun tafi sai magana ta dawo a hankali, a kan gas da ya ƙare. Maganar dubu 80 da kuɗin makaranta ba a sake tayar da ita ba, ba a kuma warware ta ba. Ita ce za ta dawo bayan wata biyu da wata rigar.

A lura cewa shiru biyu ne aka yi a nan, ba ɗaya ba. Na daren farko jiki ne ya tilasta shi. Amma ambaliya ba ta kwana huɗu. Bayan rabin awa, awa ɗaya in ta yi tsawo, zuciya ta sauka. Abin da ya biyo baya, ƙin cin abinci da aiken yarinya, wani abu ne daban: wani ɓangare kunya ce da rashin sanin ta inda za a faro, wani ɓangare girman kai ne, wani kuma horo ne tsagwaronsa, a ɗanɗana mata ta gane kurenta. Yawancin masu gum suna kare shiru na biyu da uzurin na farko.

Wa ke bi, wa ke gudu

An daɗe ana cewa haka Allah Ya yi maza, ba sa son doguwar magana, mata kuma mita a jininsu take. Binciken da Andrew Christensen da Christopher Heavey suka wallafa a 1990 daga Jami'ar California da ke Los Angeles ya rage wa wannan zance ƙarfi. Sun sa kowane miji da mata su yi tattaunawa biyu, ɗaya a kan canjin da matar ke so mijin ya yi, ɗaya a kan canjin da mijin ke so matar ta yi. A kan buƙatar matar, ita ce ke matsawa shi yana zillewa, kamar yadda aka saba gani. Da aka juyo kan buƙatar mijin sai wannan bambanci ya dushe. Wato mai neman a canza wani abu shi ne mai magana, wanda kuma zaman yadda ake ya yi wa daidai shi ne mai arzikin yin shiru, domin in ba a yi maganar ba shi ya ci riba.

Wannan ya fi kowane bayani dacewa da misalinmu. In aka bar zancen dubu 80 ya mutu, wa ya yi asara? Ba shi ba. Gobe ma zai tura wa wanda ya ga dama bai yi shawara ba. Ba lallai ya zauna ya ƙulla hakan a ransa ba, amma shirun yana biyansa, abin da ke biya kuwa ba ya saurin barin mutum.

Kada a ce wannan ciwon Turawa ne. A 2006 Uzma Rehman da Amy Holtzworth-Munroe sun kwatanta ma'aurata Amurkawa da ma'aurata 'yan Pakistan mazauna Amurka da wasu 52 mazauna Pakistan ɗin kanta. A duk rukunin uku, inda ɗaya ke bi ɗaya na gudu, auren ba ya daɗi. Amma wanda ke bi da wanda ke gudu ya danganta da yadda iko ya rabu a gidan. Akwai gidaje da yawa, a can da nan, inda mijin ne ke faɗa matar ta yi gum, ba don ta raina shi ba sai don ta koyi cewa duk abin da ta faɗa laifi ne. Shirun mai iko da shirun mai tsoro kamanninsu ɗaya a ido, amma ba magani ɗaya suke sha ba.

Akwai kuma abin da mutum ya taso da shi. Yaron da ya girma a gidan da in uba ya ɗaure fuska kowa ke shiga taitayinsa, bai taɓa ganin an yi saɓani an zauna an warware shi da baki ba. Ya ga fushi, ya ga gaba, ya ga yaji da biko, amma bai ga tsakiyar ba. Muna kuma yaba wa mai kawaici, kuma ya cancanci yabo. Sai dai mai kawaici ya bar maganar ne har cikin ransa, ya ci abincinsa ya yi hira. Wanda ya ƙi amsa gaisuwar matarsa kwana uku bai kau da kai ba, ya riƙe maganar ne da hannu biyu.

Abin da ke faruwa da wanda aka share

Kipling Williams, masani a Jami'ar Purdue, ya shafe shekaru yana nazarin abin da sharewa ke yi wa mutum. Ya ƙirƙiro wani wasa mai sauƙi a kwamfuta: mutum uku na jefa wa juna ƙwallo, sai can biyun su daina jefa wa na ukun. Minti biyu zuwa uku kawai ake yi, da mutanen da bai sani ba, bai kuma taɓa gani ba. Duk da haka waɗanda aka ware suna fitowa suna jin an rage musu abu huɗu: jin cewa suna cikin mutane, ganin ƙimar kansu, jin suna da iko a kan abin da ke faruwa, da jin cewa kasancewarsu a wurin tana da ma'ana. Ko da aka gaya wa wasu cewa kwamfuta ce kawai ke jefa ƙwallon, ba mutane ba, abin bai fasa yi musu ciwo ba. A 2003 Williams da Naomi Eisenberger da Matthew Lieberman suka sa mutane yin wasan a cikin na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, suka ga wani sashe da ke aiki lokacin da mutum ke jin raɗaɗin ciwon jiki yana motsawa lokacin da aka ware su. Masana na ci gaba da muhawara a kan iyakar kamannin ciwon biyu, amma ba a musun cewa sharewa na yin ciwo nan take.

To wannan baƙi ne, minti uku. A auna da wanda kuke kwana ɗaki ɗaya, kwana huɗu, sau shida ko bakwai a shekara, shekara goma.

Abin da ya sa sharewa ta fi zagi wahalar ɗauka shi ne ba ta da bakin kamawa. Wanda aka zaga ya san laifin da ake tuhumarsa da shi, zai iya musu, zai iya ba da haƙuri, zai iya kai ƙara. Wadda aka yi wa gum ba ta san takamaiman laifinta ba, ba ta san ranar da za a sake ta ba. Sai ƙwaƙwalwarta ta shiga cike gurbin da kanta. Tana wanke-wanke tana maimaita daren, kalma bayan kalma. Muryata ce? Don na ambaci ƙanwarsa ne? Ko dai akwai wata? In ta kai ƙara gida, tambayar farko ita ce, "Ya dake ki? Ya zage ki? Ya hana ki abinci?" A'a. "To ki yi haƙuri, miji mai shiru ai samu ne." Ta dawo da ciwonta, an kuma ƙara mata da shakkar ko ita ce mai neman fitina.

A shekarun farko tana faɗa. Tana bin sa tsakar gida, tana tura saƙo a waya tana kallon alamar an karanta ba a amsa ba, tana kuka, tana ɗaga murya fiye da yadda ta san kanta da yi. A nan ne ake sa mata suna mai mita, kuma wanda ya leƙo daga waje zai ga mace na ta sababi, namiji na zaune salin-alin, ya yanke hukunci nan take.

Daga baya sai ta koma lallashi. Tana ba da haƙuri a kan abin da ba ta yarda laifi ba ne, don dai a buɗe baki. Ta fara karantar fuskarsa tun daga yadda ya turo ƙofa da yadda ya ajiye makulli. Kafin ta faɗi abu sai ta auna: wannan ya kai in yi kwana huɗu a kansa? Yawanci bai kai ba. Kuɗin makaranta ta ci bashi a wurin adashi ta biya. Ciwon da take ji a mara ta bari sai ya yi tsanani. Jerin abubuwan da ba a taɓawa yana ƙara tsawo, abin da ya rage a yi hira a kansa yana ƙara gajarta, har ya zama cefane da gas da wa zai kai yara.

Williams ya kira matakin ƙarshe saduda. Mutumin da aka daɗe ana sharewa yakan daina ƙoƙari, ya ja jiki, ya fara jin ba shi da amfani, ga baƙin ciki mai nauyi. A cikin aure wannan ne wuri mafi haɗari, domin daga waje kama yake da zaman lafiya. Matar ta daina mita. Mijin na gaya wa abokansa cewa ai yanzu ta yi hankali. Bai san ta daina kawo masa magana ba ne saboda ta daina sa ran komai daga wurinsa. Labarinta yanzu yayarta ke ji, da ƙawarta, da babbar 'yarta wadda ba ta kai shekarun ɗaukar wannan kaya ba. Gottman da Levenson sun ga rabuwa iri biyu a ma'auratan da suka bi: masu faɗa da zafi sun rabu da wuri, bayan kimanin shekara biyar da rabi da aure, waɗanda kuma zuciyarsu ta yi sanyi da juna sun kai kimanin shekara 16 kafin su rabu. Irin na biyun ne ake jin dangi na cewa, "Ikon Allah, ko sau ɗaya ba mu taɓa jin kansu ba."

Jiki ma yana biyan nasa. A garin Framingham na Amurka an bi lafiyar mutum sama da 3,600 na shekara 10, aka wallafa sakamakon a 2007. Matan da suka ce sukan haɗiye abin da ke ransu in sun saɓa da mazajensu, haɗarin mutuwarsu a wannan tsakanin ya ninka na masu faɗin ransu sau huɗu. Irin wannan bincike alaƙa yake nunawa, ba ya tabbatar da cewa shirun ne ya kashe su, amma ba adadin da za a ɗaga wa kafaɗa ba ne. Mai gum ɗin ma bai tsira ba. A 2016 Claudia Haase da Levenson da abokan aikinsu suka fitar da sakamakon bin ma'aurata na shekara 20: masu saurin fushi a tattaunawa sun fi kokawa da ciwon ƙirji da hawan jini daga baya, masu yin gum kuma sun fi kokawa da ciwon baya da sanƙarar wuya da ciwon gaɓoɓi, kuma abin ya fi fitowa fili a wurin maza. Wuyan nan da ke ƙagewa a kyamara, bayan shekaru shi ne ke ciwo.

Sai yara. Ummi da aka mayar 'yar aike ta koyi darasi biyu ba a aji ba: yadda ake hukunta mutum ba a taɓa shi ba, da yadda ake karantar fuskar namiji kafin a yi numfashi.

Hutu da dawowa

Kuskuren da ake yawan yi wajen gyara shi ne a ce wa mai gum, "Ka daina shiru, ka tsaya ku yi magana." Mutumin da zuciyarsa ke gudun 110 in aka tilasta shi magana, abin da zai fito ya fi shirun muni. Buƙatarsa ta ya janye gaskiya ce. Gottman ya gwada wannan da wata dabara: ana tsakiyar tattaunawa sai a shigo a ce wa ma'aurata na'ura ta samu matsala, su dakata, kowa ya ɗauki mujalla ya karanta na kusan rabin awa, kada su yi zancen. Da aka ci gaba, bugun zuciya ya sauka, maganar ma ta canza, ta fi laushi, ta fi amfani. Ba wanda ya yi musu nasiha. Jiki ne kawai ya huce.

Musulmi ba baƙon wannan ba ne. Ya zo a hadisi cewa wanda ya yi fushi ya yi shiru, in yana tsaye ya zauna, ya kuma yi alwala. Amma addinin da ya ce a yi shiru lokacin fushi shi ne ya hana Musulmi ya ƙaurace wa ɗan'uwansa fiye da kwana uku, ya kuma fifita wanda ya fara sallama. A Suratun Nisa'i, inda ake maganar adalci tsakanin mata, an hana miji ya bar mace a rataye, ita ba mai miji ba ita ba sakakkiya ba. Wannan ya fi shafar mai mata fiye da ɗaya, domin shi in ya yi gum a ɗaki ɗaya yana da wani ɗakin da zai je ya yi hira ya ci abinci, shirun bai rage shi da komai ba. Ita kuwa bango huɗu ne.

Abin da ya raba hutu da sharewa abu uku ne, kuma duka ana iya ganinsu. Na farko, a faɗa kafin a tafi. Da mutumin namu, maimakon ɗaukar waya, ya ce, "Maman Ummi, raina ya ɓaci, in na yi magana yanzu zan faɗi abin da zan yi nadama. Ki ba ni zuwa bayan sallar asuba mu zauna a kan kuɗin makarantar nan," da daren ya canza. Jimlar ba ta kai daƙiƙa 15 ba, amma ta ba ta abin da gum ke ƙwacewa: ta san an ji ta, ta san dalili, ta san lokaci. Wanda ba ya gane lokacin da ambaliya ta zo masa zai iya dafa jijiyar wuyan hannunsa ya ƙirga bugu na daƙiƙa 15; in ya haura 25, ya wuce 100 a minti ke nan, ba lokacin magana ba ne.

Na biyu, tsawon hutun da abin da ake yi a cikinsa. Ƙasa da minti 20 jiki bai gama saukowa ba, ko da mutum ya ji kamar ya huce. In kuma ya wuce yini guda, ya tashi daga hutu ya zama gaba. A cikin hutun nan ne mutane da yawa ke ɓata aikin: mutum ya fita tsakar gida yana ta shirya amsoshin da zai mayar, yana lissafa duk alherin da ya yi aka raina. Wannan hura wutar ne, bayan awa ɗaya zai dawo ya fi yadda ya fita zafi. Abin da ke saukar da zuciya shi ne abin da zai ɗauke hankali daga faɗan gaba ɗaya, alwala da nafila, tafiya zuwa bakin titi a dawo, jan numfashi a hankali ana sakinsa a hankali.

Na uku shi ne mafi wuya, kuma shi ne ma'aunin duka: wanda ya nemi hutu shi ne zai dawo ya tayar da maganar da bakinsa. In ya ce bayan asuba, ya idar da sallah ya shige wanka ya fice, to ya koya mata cewa "ba ni lokaci" sabuwar hanyar tserewa ce, kuma karo na gaba ba za ta bar shi ya kai ƙofa ba. In kuwa ya dawo ya zauna ya ce, "To, ina jin ki," sau biyu, sau uku, sai ta fara yarda ta sake shi ya tafi, don ta san zai dawo.

Ita ma da nata aikin, ko da yake ba daidai ba ne a ɗora mata alhakin shirun wani. In an nemi hutu da lokaci, ta bari, kada ta bi shi da "ƙarasa maganarka." Ta kuma duba jimlarta ta farko. "Na ji ka tura wa ƙaninka kuɗi, ga na makaranta ba a gama ba, kuma ya yi min ciwo da na ji a waje" magana ɗaya ce a kan abu ɗaya, tana da amsa. "Kullum 'yan'uwanka ne a gaba" hukunci ne a kan halinsa duka, ba abin da zai ce ya fita. Ƙarfe goma na dare, mutum na cire agogo, shi ma ba lokaci ba ne.

Duk wannan yana aiki ne ga wanda shirunsa na ambaliya ne, wanda in ya huce yakan ji kunyar abin da ya yi. Akwai wanda nasa ba haka ba ne, kuma ana gane shi. Yana gum da matarsa amma wayarsa na ƙara zai ɗauka ya yi dariya da aboki, muryarsa wasai, babu alamar zuciyar da ke gudu. Shirunsa ba ya ƙarewa sai an durƙusa an ba shi haƙuri, ko an janye buƙatar, ko an fasa zuwa inda ba ya so a je. In aka ba shi shawarar hutu da dawowa, zai karɓi hutun ya bar dawowar. Yakan haɗa da janye kuɗin cefane ko hana fita. Wannan ba rashin iya magana ba ne, hanyar juya mutum ce, kuma tausasa jimlar farko ba ta gyara ta. Sau da yawa ma ƙara lallashi ƙara masa tabbaci ne cewa dabarar na ci.

A irin wannan hali magana ta wuce ta mutum biyu. Alƙur'ani ya yi umarni, in aka ji tsoron ɓaraka tsakanin ma'aurata, a tayar da mai sulhu ɗaya daga danginsa, ɗaya daga danginta. Wadda za ta kai irin wannan ƙara ta tafi da abin da za a iya riƙewa, domin "ba ya yi min magana" ba ya shiga kunnen manya. Ta faɗi sau nawa aka yi a wata shida da suka wuce, kwana nawa-nawa, a kan wace magana, wa ya fara buɗe baki kowane karo, da kuma ko an taɓa komawa kan maganar da ta jawo shi. Masu sulhun su ma su tambayi mijin waɗannan tambayoyin, maimakon ko ya dake ta. In kuwa shirun na tafe da tsoro, ta san abin da ke biyo bayansa mari ne ko barazana, to shawarar minti 20 ba tata ba ce; waliyyinta ko wani babba da ta amince da shi ya kamata ya sani tun kafin karo na gaba.